Liyari 12 a cikin dutsen guga: ku duba mini wannan gajeren labari

Marubucin_Dala:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na rubuta wani gajeren labari, kuma kafin in kai shi ko'ina ina so waɗanda suka san sana'ar gwangwan da waɗanda suka san tsoffin kuɗi su nuna mini inda na kauce. Ƙirƙirarsa na yi, ban ma kai ga sa wa mutanen ciki suna ba. Ga shi kamar yadda yake a yanzu.

Da hantsi wani yaro mai tura kura ya tsaya a bakin rumfar wani dattijo mai sayen tsoffin ƙarafa a Kasuwar Ƙofar Ruwa, ya sauke buhu guda ɗaure da igiyar roba. Dattijon ya rataya buhun a sikeli, allura ta tsaya a kilo 19, suka yi ciniki, ya ƙirga wa yaron kuɗinsa, yaron ya juya kurarsa ya shige cikin jama'a. Sai bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, dattijon ya zazzage buhun a ƙasa. Murafen tukwane ne da ƙafar gado da kan famfo da fitilar ƙwai wadda ƙwanta ya daɗe da fashewa, sai kuma wani dutsen guga na gawayi, irin mai zakara a kan murfi. Ya taɓa zakaran bai motsa ba, ya ɗiga masa baƙin mai, ya buga shi da guduma sau uku, murfin ya ɗage. Cikin dutsen toka ce ta daskare, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙullin tsumman saƙi. Da ya kwance sai ga manyan ƙwandaloli 12, sun yi baƙi, kowace ɗauke da hoton wata mace mai lulluɓi, a bayanta tsuntsu mai kai biyu da lambar 1780. Dattijon ya rufe tafin hannunsa, ya dubi hagu ya dubi dama, ya zura ƙullin a aljihun cikin rigarsa. A daren nan bai rintsa ba, yana ta lissafin cewa abin da ya haura shekara 240 a duniya ba zai kasa sayen gida ba. Da gari ya waye ya nufi Kasuwar Kurmi, wani dillalin kayan tarihi ya duba ƙwandala ɗaya ya yi masa tayin miliyoyi. Dattijon ya buɗe baki zai ce ya sallama, sai ya tuna da ƙullin tsumman, yadda aka ɗaure shi ɗaurin mata har sau biyu, irin ɗaurin da mahaifiyarsa take yi wa kuɗin adashinta.

A nan na tsaya. Tambayata biyu ce. Shin hakan yana iya faruwa yadda na tsara shi? Sannan in ya faru, waɗannan kuɗi na wane ne?

ƊanGwangwan_ƘofarRuwa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Shekarata 16 a wannan sana'a, kuma zan fara da abin da ya tsaya mini a rai, wato cinikin buhu a ɗaure. Ba ma sayen kaya haka, domin kowane ƙarfe da farashinsa. Baƙin ƙarfe ne mafi arha, alminiyom ya fi shi, tagulla ta fi alminiyom, jar waya kuma ita ce kan gaba. Idan yaro ya kawo buhu, a gabansa ake zazzage shi, a bi kayan da mayen ƙarfe. Abin da ya kama ya tafi gefe guda, abin da bai kama ba a kankara shi da wuƙa a ga launin cikinsa, sannan a auna kowane kashi daban. Wanda ya sayi buhu a ɗaure, wata rana zai biya kuɗin ƙarfe ya tarar da dutse da yashi a ƙasa. Kuma shi kansa yaron ba ya barin abu mai murfi bai buɗe ba, domin tun a bakin gidan da ya saya yake lalube komai. Saboda haka abin da ya ceci labarinka shi ne zakaran da ya cije da tsatsa. Ka ƙarfafa wannan wuri, ka nuna yaron ya gwada buɗewa ya kasa, ka kuma bar dattijon ya zazzage kayan a gabansa ya jefa dutsen gugar cikin baƙin ƙarfe. A haka duk ɗan gwangwan da ya karanta zai yarda.

Hajiya_Maijidda:
Ni abin da ya taɓa ni shi ne ɗaurin tsumman. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa take ɓoye zobbanta da warwaronta, ta zuba gero a sama, kuma ba wanda ya sani sai ƙanwarta. Da ƙanwar ta riga ta rasuwa, da an yar da tukunyar nan da abin da ke ciki. Don haka ɓoyo a dutsen guga bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, wuri ne da ɓarawo ba zai duba ba.

Maƙerin_Farfaru:
Malam marubuci, labarin ya yi daɗi, amma akwai babban kuskure a tsakiyarsa, kuma kuskure ne da nake gani a rumfata kusan duk wata. Ƙwandalar da ka kwatanta ita ce iyayenmu ke kira liyari, kuɗin ƙasar Austiriya mai hoton sarauniya Maria Theresa. Lambar 1780 da ke jikinta ba shekarar da aka buga ta ba ce lalle, shekarar da sarauniyar ta mutu ce. Da 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan suka saba da wannan hoto, ba su yarda da wani ba, sai aka ci gaba da buga ta da wannan lamba ba a canzawa, shekara da shekaru, har zuwa yau ma ana buga ta a Biyana, babban birnin Austiriya. Ke nan wadda ke hannun dattijonka tana iya zama ta zamanin kakannin kakanninsa, tana kuma iya zama ba ta girme shi ba. An buga ɗaruruwan miliyoyinta, shi ya sa ba dillalin da ya san aikinsa zai taya ta miliyoyi.

Darajarta a wurinmu azurfar jikinta ce. Kowace liyari tana da nauyin giram 28 da ɗan ɗigo, kuma ba tsantsa ba ce, kashi biyar cikin shida ne azurfa, sauran jan ƙarfe ne da aka sa don ta yi ƙwari. Azurfar da ke cikin guda ɗaya ke nan wajen giram 23 da kusan rabi. Idan ka tara 12, nauyinsu duka zai kai wajen giram 336, tsantsar azurfar kuma wajen giram 280. Sai ka tambayi farashin giram na ranar ka ninka, ka kuma cire abin da mai saye zai rage don ribarsa. Kuɗi ne masu kauri ga mai rumfar gwangwan, zai iya ƙara jari ko ya yi hidimar biki, amma ba su kusa da kuɗin gida ba.

Marubucin_Dala:
Allah ya saka da alheri, Baba maƙeri. Wallahi na ɗauka lambar da ke jikin kuɗi ita ce shekararsa, kamar yadda yake a kwabo da sule. To ta yaya mutum zai bambance tsohuwa da sabuwa, in duk lambarsu ɗaya?

Malamin_Tarihi:
Kafin Baba ya amsa, bari in ƙara a kan maganarsa, domin gaskiya ya faɗa. Bayan Biyana, an buga liyari a Rum da Landan da Faris da Burussel da Bombai daga shekarun 1930 zuwa gaba, duk da lambar 1780. Italiya ta buge ta saboda Habasha, Ingila kuma ta buge ta saboda cinikinta a wannan yanki da yaƙin da ta yi da Italiya a can. Masu tara tsoffin kuɗi suna bambance su ne da ƙananan alamomi, kamar adadin ɗigon lu'ulu'un da ke jikin maɗaurin kafaɗar sarauniyar, da yawan gashin jelar tsuntsun, da siffar haruffa, kuma wannan aiki ne na madubin ƙara girma da littafin kwatance, ba na ido kawai ba. Idan ƙwandalar ta shuɗe da gogayya, alamomin ma sun tafi.

Sai dai ba na so marubuci ya ɗauka cewa abin ya rasa tarihi don ya rasa tsada. Liyari ta shigo ƙasar Hausa da Borno ta hanyar fataken Sahara daga Tarabulus, kuma lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa dala ɗaya ta azurfa irinta tana canzuwa a kuɗin wuri 2,500. Ka duba nauyin wuri 30,000 a kan jaki, ka kwatanta da ƙwandala 12 da za su shiga aljihu, za ka gane dalilin da ya sa attajirai da matan manyan gida suka riƙe ta a matsayin ajiya. Idan ka ba tsohuwar da ta ɗaure tsumman asali, misali jikar wani bafatake ce da ya yi safarar Tarabulus, labarin zai yi nauyi fiye da wanda miliyoyin dillali suka ba shi.

Ɗan_Fanteka:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Dutsen gugar kansa shi ne dukiyar. Mu a Kaduna an daɗe ana neman irin mai zakaran nan da tsoffin kekunan ɗinki, ana cewa akwai jar zaiba a cikinsu wadda masu kuɗi ke saye da tsada. Na san wanda aka taya nasa da kuɗi masu yawa.

ƊanGwangwan_ƘofarRuwa:
Ɗan'uwa na Fanteka, ka ce an taya, amma ka tambaye shi ko an biya. Na fasa dutsen guga ya fi ɗari da hannuna, ba komai a ciki sai zubin ƙarfe da 'yar ragar da gawayi ke zama a kai. Yadda damfarar take shi ne, mutum ɗaya ya zo yana cigiya da babban farashi, kwana biyu wani ya zo da kayan yana sayarwa a rabin wannan farashi, kai kuma ka saya da zummar cin riba, daga nan ba ka ƙara ganin ko ɗayansu. Wani maƙwabcina a kasuwa ya rasa jarinsa ta haka. Mu koma kan kuɗin.

Maƙerin_Farfaru:
Malamin tarihi ya amsa tambayar tsohuwa da sabuwa fiye da yadda zan iya. Ni abin da na fi sani shi ne bambance ta gaske da jabu, kuma a ganina wannan ya kamata dattijon ya fara yi kafin ya kwana yana lissafi. Mayen ƙarfen da ke aljihunsa zai fara gwadawa. In ta kama, magana ta ƙare, ba azurfa ba ce. Amma in ba ta kama ba, bai tabbatar da komai ba tukuna, domin tagulla da dalma su ma ba sa kamawa, kuma a nan 'yan gwangwan da yawa ke ruɗuwa. Abu na biyu shi ne ƙaramin sikelin masu zinariya, ba sikelin rataye ba. Mai kyau za ta ba ka giram 28, wadda ta sha hannu ta ragu da ɗan kaɗan, amma in ka ga 22 ko 24 a ƙwandala mai wannan faɗi, to wani ƙarfe ne aka shafa wa ruwan azurfa. Na uku, ka ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa gefenta da wata ƙwandala. Azurfar da aka buga da inji tana yin amo siriri mai tsawo, zubin dalma kuwa sai ka ji ƙwas, ya mutu nan take. Na huɗu shi ne kaifin gefenta, domin liyari tana da rubutu da ado masu tudu a kewayen bakinta. Wadda aka zuba a kwamin ƙasa za ka ga rubutun ya dushe, ga ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a fuskarta, wani lokaci har da layin da ɓangarorin kwami biyu suka haɗu.

Ina roƙon marubuci kada ya sa dattijon ya wanke su. Mutane na kawo mini tsohuwar azurfa sun dirje ta da toka da lemun tsami, wasu har da sanfefa, suna zaton ƙyalli ne ke ƙara kuɗi. A wurin mai narkarwa ba bambanci, amma in akwai guda ɗaya a ciki da mai tara tsoffin kuɗi zai so, dirjewar ta kashe ta. Haka nan in an huda su ko an liƙa musu kunne don ratayawa, kamar yadda matan Fulani ke yi, sun koma kayan ado, farashinsu na awo ne.

BaDamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. A wajenmu idan aka buɗe irin wannan ƙulli, ba kasafai ake samun liyari zalla ba, sau da yawa a gauraye take da tsohuwar dalar Faransa ta azurfa, wato mai tamma biyar, wadda nauyinta giram 25 ne kuma kashi tara cikin goma azurfa ce. Na faɗi haka ne don Baba maƙeri ya ce ƙarancin nauyi alamar jabu ce, to sai a fara duba hoton tukuna, kada a yar da ta gaske. Maƙeran Agadas sun narkar da ire-iren waɗannan kuɗi da yawa sun yi sarƙoƙi da zobba, shi ya sa suka yi ƙaranci a hannun mutane. Da ni ne marubucin, sai in sa 10 liyari ne, biyu dalar Faransa, domin tsohuwa ba a rana ɗaya take tara ajiyarta ba.

Almajirin_Zaure:
Tambaya ta biyu ta marubuci ba a taɓa ta ba har yanzu, kuma ita ce ta fi nauyi. Abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne, ciniki yana faɗawa ne a kan abin da mai saye da mai sayarwa suka nufa. Yaron ƙarfe ya sayar a kan kilo, dattijon ma ƙarfe ya saya, ba wanda ya nufi azurfa, saboda haka ba ta shiga cinikin ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim na mutumin da ya sayi fili ya tarar da tulun zinariya a ciki, ya ce wa mai filin ya karɓi zinariyarsa domin shi ƙasa ya saya, mai filin kuma ya ce ya sayar da ƙasar da abin da ke cikinta, har wanda suka kai wa ƙara ya sulhunta su da aurar da 'ya'yansu ga juna a kashe dukiyar a kansu. Idan an san gidan da kayan suka fito, mayarwa ce kawai. Idan ba a sani ba, hukuncin tsintuwa ne: ya kiyaye siffar ƙullin da maɗaurinsa da adadin abin da ke ciki, ya yi cigiya shekara guda a inda ake zaton mai shi zai nema, ba tare da ya bayyana siffar ba, domin da ita ne za a gane mai gaskiya. Bayan shekara, in ba wanda ya zo, yana iya yin sadaka da shi ko ya yi amfani da shi, amma ranar da mai shi ya bayyana da shaidar siffa, sai ya biya.

Ummu_Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, ni kuwa na taɓa ji a wa'azi cewa wanda ya samu tsohuwar dukiya a ɓoye, kashi ɗaya cikin biyar zai fitar, sauran huɗun nasa ne halak malak. Shin ba wannan ba ne ya dace da dattijon, tunda kuɗin sun tsufa haka?

Almajirin_Zaure:
'Yar'uwa, abin da kika ji daidai ne, amma a wani babi yake. Humusi na rikazi ne, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka binne wadda ba a san mai ita ko magadansa ba. Abin da alama ta nuna ajiyar Musulmi ce, tsintuwa ce ko da a ƙasa aka tono ta, balle wannan da aka ɗaure a tsumman saƙi aka cusa a dutsen guga wanda bai wuce zamanin kakanninmu ba. Kuma da lissafin Baba maƙeri, giram 280 bai kai nisabin azurfa ba, wanda yake dirhami 200, wajen giram 595, ke nan ko zakka ba ta hau kansa shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne haƙƙin magada, kuma a cikinsu ana iya samun marayu.

ƊanGwangwan_ƘofarRuwa:
Malam, maganarka gaskiya ce a littafi, kuma ba na jayayya da ita, amma bari in gaya maka yadda cigiya take a kasuwarmu. Ranar da ka ce ka tsinci wani abu mai daraja a cikin kaya, kafin azahar yara goma za su rantse cewa su suka kawo buhun. Daga nan kuma wani zai kai magana cewa kana sayen kayan sata, kuma kowa ya san yadda ake kallon 'yan gwangwan tun da aka fara sace wayoyin lantarki da murafen kwalbati. Shekarun baya na tarar da munduwa biyu a cikin tarkacen alminiyom, nauyinsu ya fi ƙarfin alminiyom nesa ba kusa ba, maƙeri ya tabbatar mini azurfa ce. Na kira yaron da ya kawo su a keɓe, ya ce a juji ya tsince su, bai san gida ba. Na ajiye su sama da shekara ina sauraro ta bakin shugabanninmu na kasuwa, ba wanda ya zo, daga baya na sayar na ba yaron rabi, rabin na kai masallaci da niyyar mai su. Har yau in na tuna, zuciyata ba ta gama natsuwa cewa na yi cigiyar yadda ya kamata ba.

Lauya_MaiKoyo:
Akwai ɓangaren hukuma da ba a ambata ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kira kayan tarihi. Don haka dillalin cikin labarin da dattijon duk suna iya faɗawa hannun hukuma.

Malamin_Tarihi:
Dokar tana nan kamar yadda ka faɗa, amma ina ganin ka ja ta ta wuce inda ta fi ƙarfi. Da abin da dattijon ya samu kan mutum-mutumin Nok ne, ko tsohuwar tagullar fada, ko takobin sarauta, da ba gardama, Gidan Makama ya kamata ya nufa ya ba da rahoto. Liyari kuwa kuɗin waje ne da aka buga da inji, ana sayar da irinsa a fili a ƙasashe da yawa, kuma ba a tono waɗannan daga wani kufai ba. Ga marubuci ma wannan zaɓi ne: in yana son labarin tsoron hukuma da dillalan dare, ya canza abin da ke cikin buhun, in yana son labarin amana tsakanin mutum da zuciyarsa, liyari ta fi.

Lauya_MaiKoyo:
Na karɓi gyaran a kan liyari ita kaɗai, ranka ya daɗe, amma ban janye duka ba, domin dokar ta haɗa har da abin da ke da muhimmanci ga tarihi, kuma ba ɗan kasuwa ne ke yanke wannan ba.

Hajiya_Maijidda:
Ina so in koma kan maganar Malam na zaure game da magada, domin a nan mu mata muka san abin da maza ba sa gani. Idan tsohuwa ta rasu, bayan sadakar bakwai ko ta arba'in ake fitar da kayan ɗakinta, a raba tufafi da kwanuka masu kyau, tarkacen kuma a kira mai kura ya kwashe a ba yara kuɗin. Wanda ya sayar wa yaron nan dutsen guga wataƙila jika ne ɗan shekara 12 da aka ce ya share ɗaki. Ke nan yaron kurar zai iya tuna gidan, domin gidan rasuwa ba ya ɓoyuwa. Amma kada marubuci ya zaci mayarwar ita ce ƙarshen wahala. Dattijon zai isa zaure da ƙulli ɗaya ya tarar da 'ya'yan ɗakuna uku, kowa na cewa na uwarsa ne, wata kuma ta ce ai guda 20 ne ta taɓa gani, ina sauran takwas. Na ga mai gaskiya ya kawo amana ya koma gida da zargi.

Marubucin_Dala:
Na gode muku duka, kun rushe mini rabin labarin kuma na ji daɗin haka. Ga abin da na yanke zuwa yanzu. Za a zazzage buhun a gaban yaron, zakaran zai cije, kuma dattijon zai kwana da lissafinsa na shekara 240 kamar yadda yake, domin kuskuren da ni na yi shi ma zai yi. Dillalin miliyoyi zai fita, maƙeri zai shigo da ƙaramin sikelinsa ya gaya masa gaskiyar 1780. Abin da ban warware ba shi ne lokacin da zai tuna da ɗaurin tsumman. Idan ya tuna bayan ya ji cewa kuɗin ba su kai na gida ba, mai karatu zai ce don abin ya yi arha ne ya mayar. Idan kuma ya tuna kafin ya je wurin maƙeri, to me zai kai shi wurin maƙerin?

Ummu_Hanifa:
Ya je ne don ya san abin da zai mayar, Malam. Mai tsoron zargin da Hajiya ta faɗa zai so a auna su a ƙirga a gaban shaida kafin ya taka ƙofar gidan.

Maƙerin_Farfaru:
Ni ban yarda da cewa arhar abin tana rage wa mayarwar daraja ba. Giram 280 na azurfa a hannun mutumin da ke cin riba a kan kilo na baƙin ƙarfe ya fi cinikin watanni, kuma ba wanda ya gan shi lokacin da ya zura ƙullin a aljihu. Waɗanda ke zuwa rumfata da irin wannan, mafi yawansu tambaya ɗaya suke yi bayan awo, ko zan narkar musu yau-yau, domin da zarar ta narke ba siffa ba shaida. Ka sa maƙerinka ya yi masa wannan tayin, wuta na ci a gabansu, kasko na kan murhu.

BaDamagare:
To yaron kurar fa? Kowa na maganar dattijo da magada, amma shi ya turo buhun cikin rana, kuma shi zai nuna gidan. In ya nuna, shi ma za a fara tambayarsa me ya ɗauka kafin ya kai kasuwa. Malam na zaure, yana da wani haƙƙi a ciki, ko sai abin da magada suka ga dama suka ba shi?